Albashin da Ba a Gani: Karkatar Zaɓi da Gyaran Heckman Mai Mataki Biyu

Ba a sanin albashin mutum sai idan yana aiki. Mai tattara bayanan jama'a kan shiga gida ya rubuta shekarun matar gida, da iya karatunta, da yawan 'ya'yanta, amma idan ya iso gurbin albashi kuma ba ta aikin albashi, sai ya bar wurin babu komai. Wannan gurbi ba sifiri yake nufi ba, domin da ta fita neman aiki akwai abin da za a biya ta. Adadin yana nan, ganinsa ne kawai ba a yi. Daga wannan ɗan gurbi ne matsalar da masana tattalin arziki ke kira karkatar zaɓin samfuri ta taso: ana so a san abin da kasuwa za ta biya dukan mutane, amma alƙaluman da ke hannu na waɗanda suka karɓi aiki ne kaɗai, su kuwa ba ƙuri'a aka jefa aka fito da su ba.

Kasuwar dabbobi ta ishi mai karatu misali. Mai saye yakan taya, mai dabba kuma yana da adadin da ya ƙudurta a ransa. Idan tayin bai kai ba ya ce albarka, ya kora dabbarsa gida, idan ya kai ya sallama. Dillalin da ke rubuta cinikin da aka ƙulla kawai zai tashi da yamma da littafi cike da farashin da aka sallama, babu ko ɗaya daga cikin tayin da aka ƙi. Duk wanda ya ɗauki matsakaicin wannan littafi a matsayin abin da ake taya kowace dabba a kasuwar ya yi kuskure, kuma galibi sama zai zarce, tunda ƙananan tayin ne suka fi komawa gida.

Haka masana suka ɗauki kasuwar aiki. Akwai tayin albashi, wato abin da mai ɗaukar ma'aikata zai biya. Akwai kuma kuɗin sallama, wato mafi ƙarancin abin da zai sa mutum ya bar abin da yake yi ya fito. Ga matar aure, kuɗin sallama na hawa idan tana goyo, ko idan mijinta na da samu, domin lokacinta a gida yana da daraja. Ana ganin albashi ne kawai inda tayi ya wuce kuɗin sallama.

A Amurka aka fara tsayawa kan wannan batu sosai, a shekarun 1970, lokacin da matan aure ke ta shiga aikin albashi amma har yanzu da yawansu na gida. A 1974 Reuben Gronau ya nuna cewa kwatanta albashin rukuni biyu na iya yaudara idan rabon masu aiki a cikinsu ya bambanta. A wannan shekarar James Heckman na Jami'ar Chicago ya fitar da nazarinsa kan tayin kasuwa da darajar lokacin mace a gida. A 1976 da 1979 ya kawo hanyar gyara mai sauƙi wadda ta yi suna, kuma maƙalarsa ta 1979 a mujallar Econometrica tana cikin waɗanda aka fi ambato a fannin. A shekarar 2000 aka ba shi lambar Nobel ta tattalin arziki tare da Daniel McFadden, kuma aikinsa kan samfurin da zaɓi ya tace shi ne dalilin da aka bayar.

Ana iya ganin yadda ɓarnar ke shiga da lissafin da ba ya buƙatar na'ura. A ƙaddara wani gari mai mata goma, biyar sun tsaya a firamare, biyar suna da digiri. Tayin da kasuwa za ta yi wa 'yan firamaren a wata, da dubban naira, shi ne 40, 50, 60, 70 da 80, matsakaicinsu 60. Sun bambanta duk da karatunsu ɗaya, saboda akwai hazaƙa, da naci, da sanin mutane, da sa'a, waɗanda ba a rubuta su a takardar tambayoyi. Tayin masu digiri kuwa 80, 90, 100, 110 da 120, matsakaicinsu 100. Ainihin ratar da karatu ya kawo ita ce 40.

Yanzu a ce kowace mace a garin ba za ta fito ba sai an ba ta sama da 65. Masu digiri duk za su fito, matsakaicinsu na nan a 100. Cikin 'yan firamare kuwa biyu ne kawai za su fito, mai 70 da mai 80, matsakaicinsu 75. Mai bincike da ya zo ya tarar da mata bakwai suna aiki zai ce digiri na ƙara 25. Bai yi kuskuren lissafi ba, kuma babu wadda ta yi masa ƙarya, amma ya rage wa karatu fiye da sulusin amfaninsa. Abin da ya faru shi ne ya kwatanta dukan masu digiri da zakarun 'yan firamare.

Abu biyu ya kamata a lura da su a nan. Na farko, ƙara yawan mutanen da aka tambaya ba ya magani. Ko mata miliyan aka bi gida gida, muddin siraɗin 65 na nan, amsar za ta ci gaba da fitowa 25, sai dai ma mai binciken ya ƙara sakankancewa da kuskurensa. Na biyu, ba kowane zaɓi ne ke ɓata lissafi ba. Da a ce masu digiri sun fi fitowa aiki don karatunsu kawai, amma a cikin kowane rukuni wadda ta fito da wadda ta zauna ba su bambanta a ɓoyayyun halayen da ke shafar albashi ba, da matsakaicin 'yan firamaren ya tsaya a 60, ba a yi asarar komai ba sai yawan samfuri. Matsalar na zuwa ne idan abin da ba a gani, wanda ke tura mace aiki, yana da dangantaka da abin da ba a gani, wanda ke ɗaga albashinta. Wannan dangantakar ita ce tushen matsalar.

Ba dole ne karkatar ta nufi sama ba. Idan matan da kasuwa za ta fi biya su ne suka auri masu hali, har kuɗin sallamarsu ya fi tayinsu hawa, to su ne za su zauna a gida, waɗanda larura ta koro su ne za a gani a wurin aiki. A nan matsakaicin da aka gani zai gaza na gaskiya. Casey Mulligan da Yona Rubinstein, a nazarin da suka wallafa a 2008, sun yi hujja da cewa a Amurka zaɓin ya juya ne daga irin wannan a shekarun 1970 zuwa kishiyarsa a shekarun 1990, don haka wani kaso mai yawa na raguwar da aka gani a ratar albashin maza da mata sauyin waɗanda ke aiki ne ya kawo shi. Ba kowa ya yarda da girman da suka ba abin ba, amma tambayar da suka tayar ta zauna. Irin haka Claudia Olivetti da Barbara Petrongolo suka duba wani abin mamaki: ratar albashin maza da mata ta fi ƙanƙanta a ƙasashen kudancin Turai kamar Italiya da Girka fiye da Birtaniya da Amurka. Sun nuna cewa a kudancin Turai mata masu ƙarancin karatu ba su cika aiki ba, kuma idan aka saka su a lissafi ratar na buɗewa.

Dabarar Heckman ta fara ne da sauya yadda ake kallon matsalar. Maimakon a ce bayanai sun ɓace, sai ya ce wani ma'auni ne aka manta ba a saka a lissafin albashi ba. A misalin garin nan, 'yan firamaren da ke aiki suna ɗauke da rarar 15 a kan ainihin matsakaicin rukuninsu, masu digiri kuwa ba su ɗauke da komai. Da za a iya auna wannan rarar ga kowace ma'aikaciya a ware ta gefe, da sauran lissafin ya miƙe. Kuma akwai alamar da ke nuna girmanta: gwargwadon wuyar shigar mace irin wannan aiki, gwargwadon yawan ɓoyayyen ƙarfin da ake zaton ta zo da shi tunda ta shiga. Idan kusan kowa a rukuni na wucewa, wucewar ba ta ba da labarin komai. Idan ɗaya cikin shida ne ke wucewa, wanda ya wuce ba kamar sauran yake ba.

Matakin farko ba ya duba albashi ko kaɗan. Ana ɗaukar dukan matan, masu aiki da marasa aiki, a tambayi abu ɗaya: wa ke aiki? Ana amfani da wani lissafi da ake kira firobit, wanda ke haɗa karatu, da shekaru, da yawan ƙananan yara, da samun miji, ya ba kowace mace maki guda, sannan ya mayar da makin zuwa yiwuwar yin aiki. Daga wannan makin ake fitar da ma'aunin da aka rasa, wanda ake kira lamda, ko juyayyen rabon Mills, daga sunan John Mills da ya wallafa jadawalin rabon a 1926. Idan z shi ne makin mace, ana rubuta shi haka:

```
λ(z) = φ(z) / Φ(z)
```

Na sama tsayin zanen nan ne mai siffar ƙararrawa a daidai makinta, na ƙasa kuma yiwuwar aikinta. Ba sai mai karatu ya riƙe alamomin ba, halin lamda ne abin riƙewa. Macen da yiwuwar aikinta ta kai kashi 98 cikin ɗari lamdarta kusan 0.05 ce. Mai kashi 84 tana da 0.29, mai rabi da rabi tana da 0.80, mai kashi 16 kuma tana da 1.53. Ƙofa na ƙara ƙunci, lamda na ƙara girma.

A mataki na biyu sai a koma ga masu aiki kaɗai, tunda su ne ke da albashi. A yi lissafin da aka saba, na yadda albashi ke bin karatu da shekarun gogewa, amma a ƙara lamda a cikin ma'aunan. Lissafin da kansa zai ba lamda nauyi. Wannan nauyin shi ke kwashe rarar da zaɓi ya kawo, ya bar wa karatu nasa rabon. Idan nauyin ya fito sama da sifiri, masu ɓoyayyen ƙarfi ne suka fi shiga aiki. Idan ya fito ƙasa da sifiri, akasin haka ne. Idan ba a iya bambanta shi da sifiri ba, babu shaidar karkata, kuma wannan gwaji kaɗai ma riba ce.

Ana iya gwada dabarar a kan garin mata goman. Biyu cikin biyar na 'yan firamare ke aiki, wato kashi 40, lamdar da ta dace da haka kuwa 0.97 ce. A wannan misali nauyin da ya dace shi ne yawan warwatsuwar tayi a cikin rukuni, wanda ya kai kusan 14. Idan aka ninka 14 da 0.97 za a sami kimanin 13.6, a cire shi daga 75, saura kusan 61. Masu digiri duk suna aiki, lamdarsu sifiri, suna nan a 100. Rata ta dawo kusan 39, ga gaskiya kuwa 40, alhali da farko 25 aka gani. A bincike na gaske ba a sanin wannan 14 tun farko, mataki na biyu ne ke ƙiyasta shi. Ɗan gibin da ya rage kuma yana da dalili: lamda ta ginu ne a kan zaton cewa ɓoyayyun halaye sun rarrabu da siffar ƙararrawa, lambobi biyar ɗin nan kuwa a jere suke daidai wa daida. A nan saɓanin bai yi ɓarna sosai ba. Akwai inda yake yi.

Misalin gaske da aka fi koyar da ɗalibai da shi ya fito ne daga nazarin Thomas Mroz na 1987. Ya yi amfani da bayanan shekarar 1975 daga binciken da Jami'ar Michigan ke yi tun 1968, wanda ke bin iyalai ɗaya shekara bayan shekara. Matan aure 753 ne, 428 sun yi aikin albashi a shekarar, 325 ba su yi ba. Littafin koyarwa na Jeffrey Wooldridge ya bi matakan biyu da waɗannan bayanai. A matakin farko, abin da ya fi kowane ƙarfi wajen hana mace aiki shi ne yaro ɗan ƙasa da shekara shida. Idan aka ɗauki mace mai shekara 40, da karatun shekara 12, da gogewar aiki ta shekara 10, da yaro ɗaya da ya kai shekara shida, da matsakaicin samu a gida, lissafin na ba ta yiwuwar aiki kusan bakwai cikin goma, lamdarta kusan rabi. A ƙara mata ƙaramin yaro ɗaya ba tare da sauya komai ba, yiwuwar ta faɗo ƙasa da huɗu cikin goma, lamdar ta ninka zuwa kusan ɗaya.

Sakamakon mataki na biyu ba shi ne abin da mai son labari mai daɗi zai so ba. Ba tare da gyara ba, kowace shekarar karatu na ƙara albashi da kusan kashi 10.8 cikin ɗari. Da gyara, ya zama 10.9. Nauyin lamda ya fito 0.032, alhali ma'aunin rashin tabbas da ke tare da shi 0.134 ne, fiye da ninki huɗunsa. Wato a waɗannan bayanai ba a ga alamar karkata ba. Wannan ba faɗuwar dabarar ba ce. Kafin a yi gwajin babu wanda zai iya cewa matan 325 da ke gida ba su gurɓata amsar ba, bayan an yi kuma an sami dalilin natsuwa, gwargwadon yadda aka yarda da sharuɗɗan gwajin.

Sharuɗɗan nan su ne inda gizo ke saƙa. Mafi nauyinsu shi ne a sami aƙalla abu ɗaya da ke shafar shiga aiki amma ba ya shafar tayin albashi, a saka shi a mataki na farko a cire shi daga na biyu. A misalin da ya gabata, yara da shekarun mace da samun sauran mutanen gida ne suka yi wannan aiki. Amfaninsu a fili yake: mata biyu masu karatu ɗaya da gogewa ɗaya, ɗaya da goyo ɗaya babu, kasuwa tayi ɗaya za ta yi musu a matsakaici, amma lamdarsu ta bambanta. Idan masu goyon da suka fito aiki sun fi takwarorinsu albashi, to zaɓi ne ya kawo bambancin, kuma daga nan ake auna nauyin lamda.

Idan babu irin wannan ma'auni, lissafin ba ya ƙin tafiya, kuma wannan shi ne haɗarin. Na'ura za ta fitar da amsa, domin lamda lanƙwasasshiya ce ba miƙaƙƙiya ba. Sai dai a tsakiya, inda yawancin mutane suke, lanƙwasar kaɗan ce ƙwarai. Idan karatu da gogewa ne kaɗai suka gina lamda, sannan aka jera ta kusa da karatu da gogewa a mataki na biyu, ta zama kusan maimaicinsu, kuma lissafi ba shi da hanyar raba abin da karatu ya jawo da abin da zaɓi ya jawo. Ana gane wannan ciwo da alamu sanannu. Ma'aunin rashin tabbas na kumbura. Nauyin lamda na fitowa da girman da hankali ba zai ɗauka ba, ko ya juya daga sama zuwa ƙasa da zarar an cire ma'auni ɗaya. Gwaji mai sauƙi shi ne a duba yawan yadda sauran ma'aunan mataki na biyu ke iya hasashen lamda. Idan suna hasashenta kusan gaba ɗaya, gyaran ya rataya ne kacokan a kan zaton siffar ƙararrawa, zaton da babu wata dokar tattalin arziki da ta wajabta shi.

Ko an sami ma'aunin, sai an kare shi da hujja, domin lissafi ba ya iya tabbatar da shi shi kaɗai. Yara su ne aka fi amfani da su, su ne kuma aka fi suka. Mai goyo na iya karɓar aikin kusa da gida mai ƙarancin albashi don ta riƙa leƙa yaro, ko mai ɗaukar ma'aikata ya rage mata tayi. Idan haka ne, yaron ya taɓa albashi kai tsaye, kuma gyaran zai ɗora wa zaɓi laifin da ba nasa ba. Samun miji ma bai tsira ba, tunda mutane kan auri tsararsu a ilimi da iyawa, don haka kuɗin miji na iya zama inuwar hazaƙar matar. Gyaran da aka gina a kan ma'auni mara kyau na iya kai mutum nesa da gaskiya fiye da rashin gyara.

Akwai kuma wani ƙaramin tarko ga mai yin matakan da hannunsa. Lamda ƙiyasi ce daga mataki na farko, ba adadi ne da aka auna ba, don haka ma'aunin rashin tabbas da lissafi na yau da kullum ke bayarwa a mataki na biyu ba daidai ba ne idan har akwai karkata. Heckman ya ba da yadda ake gyara shi, kuma manhajojin lissafi na yi da kansu: umarnin `heckman` tare da zaɓin `twostep` a Stata, ko `heckit` a cikin kunshin `sampleSelection` na R. Sauƙin danna waɗannan umarni na cikin abin da ya sa ake yawan ganin gyaran a rubuce-rubucen da ba su tsaya neman ma'aunin kirki ba.

Waɗannan raunuka ne suka sa masana suka nemi wasu hanyoyi. Wasu sun riƙe matakan biyu amma suka saki zaton ƙararrawa, suka bar bayanai su nuna siffar lanƙwasar, abin da ke ƙara wajabta samun ma'aunin da aka ware. Charles Manski, tun daga ƙarshen shekarun 1980, ya bi wata hanya: maimakon amsa ɗaya, a lissafa iyakar ƙasa da iyakar sama, ta hanyar ɗaukar cewa marasa aiki duk masu ƙaramin tayi ne, sannan a ɗauka duk masu babban tayi ne. Tazarar kan yi faɗi idan marasa aiki na da yawa, amma ba ta buƙatar zato mai nauyi.

A ƙasashe irin Najeriya da Nijar matsalar ta fi ta Amurka faɗi, domin masu albashin wata tsiraru ne, mafi yawan masu aiki noma suke yi ko sana'ar kansu. Matar da ke cikin gida tana soya ƙosai ko ƙuli-ƙuli yara na kai talla tana da samu amma ba ta da albashi, irin cinikin da Polly Hill ta yi rubutu a kansa a ƙasar Hausa tun 1969. Duk ƙiyasin amfanin karatun boko da aka yi da albashin ma'aikata kaɗai ya dogara ne da rukunin da aka tace sosai. Kuma ƙofar ba biyu ba ce kamar yadda firobit ke ɗauka, akwai aikin gwamnati, da na kamfani, da sana'ar kai, da zaman gida. Ba kuma koyaushe ne mutum ke cewa albarka ba, sau da yawa ya yarda da tayin amma gurbin ne babu. Don irin wannan yanayi aka faɗaɗa dabarar zuwa zaɓi mai rassa da yawa, kamar yadda Lung-Fei Lee ya yi a 1983, inda mataki na farko ke ƙiyasta yiwuwar faɗawa kowane reshe, kowane reshe kuma ya sami nasa ma'aunin gyara a lissafin samu.